Littafin Haya: Yadda Mai Gida Zai San Ranar da Kuɗin Kowane Ɗaki Ya Ƙare

Mai gidan haya da yake da ɗaki biyu ko uku yana iya riƙe lissafinsa a ka. Da zarar ɗakunan sun wuce goma, ga kuma shaguna a bakin titi, sai kai ya gaza. A gari irin Ibeto, cikin ƙaramar hukumar Magama a masarautar Kontagora, 'yan haya ba iri ɗaya ba ne, biyansu ma ba iri ɗaya ba ne. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti suna jiran albashin ƙarshen wata. Mai shago yana kawo abin da kasuwa ta ba shi. Manomi kuwa sai kaka ta yi, ya sayar da masara ko wake, sannan ya zo da kuɗin a dunƙule. Wani na shekara ne, wani na wata uku, wani kuma an yi da shi a kan shekara amma a gutsure yake kawowa. Rigimar da ke kai mai gida da ɗan haya gaban mai unguwa ba kasafai take kan ko an biya ko ba a biya ba. Galibi kowa ya yarda an ba da kuɗi. Inda ake saɓawa shi ne: kuɗin nan na wane lokaci ne?

Don haka shawarata ita ce ka gina littafinka a kan tambaya guda: kuɗin da mai wannan ɗaki ya biya, wace rana suka kai shi? Idan littafin yana amsa wannan a kan kowane ɗaki, to bashi da wa'adi da lissafin ƙarshen shekara duk daga nan za su fito.

Fara da ba kowane ɗaki lamba, ka rubuta ta da fenti a saman ƙofa. Idan gidajen biyu ne, na farko ya zama A, na biyu B, shaguna kuma S: A1, A2, B1, S1. Kada ka riƙa rubuta lissafi da sunan mutum kawai. A gida ɗaya za ka iya samun masu suna ɗaya har uku, kuma mutum yana tashi, ɗaki kuwa yana nan. Lamba ita ce za ta haɗa rasit da littafi da saƙon banki.

Sannan ka sayi babban littafi mai kwali, ka raba shi gida biyu. Kashin farko na ɗakuna ne, kowane ɗaki da shafinsa. A saman shafin ka rubuta lambar ɗakin, sunan ɗan haya da lambar wayarsa, wanda ya tsaya masa, ranar da hayarsa ta fara, kuɗin shekara, da yadda aka yi alkawarin biya. Ko da hayar ta shekara ce, ka raba ta goma sha biyu ka rubuta kuɗin wata a gefe, domin da shi za ka yi awo. Kashi na biyu na karɓar kuɗi ne, kuma a jere yake bin kwanan wata. Duk kuɗin da ya shigo yana samun layi ɗaya: rana, lambar rasit, lambar ɗaki, adadi, ta wace hanya ya zo, da wanda ya karɓa. A nan ake fara rubuta kuɗi, a ranar da ya zo, daga baya a kwafe shi zuwa shafin ɗaki. Ba a goge layi a wannan kashi, ba a yage shafi. In an yi kure, a ja layi ɗaya siriri a kai yadda rubutun zai ci gaba da karantuwa, a sake sabo a ƙasa. Littafin da ke da gogewa ba ya da ƙarfi a gaban alƙali, ko da gaskiya ce a cikinsa.

Rasit kuwa ka nemi mai lamba a jere kuma mai kwafi, irin wanda ake samu a shagunan littattafai a Kontagora. Ɗan haya ya tafi da na sama, na ƙasa ya zauna a wurinka. Lambar da ke jere ita ce mai gadinka: in ka ga 41 ka ga 43, dole a nemo inda 42 ta shiga. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda yake zaune a Minna ko Kaduna ya bar wa ƙane ko wakili karɓar haya. Kuma a jikin kowane rasit, bayan adadi, ka rubuta jimla ɗaya: kuɗinka ya kai ka ranar kaza ga watan kaza. Ɗan haya ya ga wannan tun ranar da ya biya. In yana da ja, a ranar zai yi shi, ba bayan shekara guda ba lokacin da kowa ya manta.

Akwai abin da ya kamata a yanke tun ranar shiga, wato da wane wata ake lissafi. Mutanenmu da yawa sukan ce na shiga bayan Sallah ƙarama, ko na shiga da azumi. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta Bature kuwa 365, wato akwai tazarar kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara. A shekara uku ta kai wata guda. Idan kai kana ƙirga Maris zuwa Maris, shi yana ƙirga Sallah zuwa Sallah, ku biyu kuna da gaskiya kuma ba za ku taɓa daidaita ba. Ku zaɓi ɗaya ku rubuta. Ni na fi ganin a bi watan Bature, ba don komai ba sai don albashi da saƙon banki da takardar kotu duk da shi suke tafiya.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Alkaluman na misali ne, kowa ya sa nasa. A ce ɗaki A3 malamin firamare ne a ciki. Hayarsa ta fara ranar 1 ga Maris 2024, a kan naira 60,000 a shekara, wato 5,000 a wata. Ranar shiga ya ba da 30,000. A ƙarshen Satumba ya kawo 15,000, a Disamba 10,000, sai a Afrilun 2025 ya turo 20,000. Mai gidan da ba ya rubutu abin da zai tuna shi ne malam yana ƙoƙari, ko kwanan nan ma ya turo dubu ashirin. Mai littafi kuwa zai tara: 75,000. Ya raba da 5,000, ya sami wata 15. Ya ƙirga wata goma sha biyar daga 1 ga Maris 2024, sai ya tsaya a 31 ga Mayu 2025. Nan kuɗin malam suka kai shi. Daga 1 ga Yuni yana zaune ne a kan bashi.

Lura da yadda aka yi da dubu ashirin ɗin Afrilu. Ba a ce duka na sabuwar shekara ba ne don kawai a sabuwar shekara ya zo. Kafin ya zo malam ya biya 55,000 ne cikin 60,000 na shekarar farko, don haka 5,000 ta fara cike wancan giɓin, ragowar 15,000 ce ta shiga shekara ta biyu. Ka riƙe wannan ƙa'ida ga kowa: sabon kuɗi tsohon bashi yake fara biya. In ka bari ɗan haya yana zaɓar wa kuɗinsa wata, yana cewa wannan na watan nan ne, wancan tsohon a bar shi tukuna, za ka wayi gari da ramuka a tsakiyar lissafi waɗanda babu mai iya tuna asalinsu.

Yanzu a ce yau 1 ga Satumba 2025, nawa kake bin malam? Amsa biyu ce, kuma rashin bambance su yana jawo zafin rai ba gaira ba dalili. Ya zauna wata 18 cif, kuɗinsu 90,000, ya biya 75,000. Bashin zaman da ya riga ya ci 15,000 ne. Amma in alkawarinku shi ne biyan shekara tun farkonta, to tun 1 ga Maris 2025 ya kamata a ce jimlar abin da ya ba ka ta kai 120,000, saura 45,000 ke nan. Kai za ka ce dubu arba'in da biyar, shi zai rantse dubu sha biyar ne. Ka ware wa kowanne gurbinsa a shafin ɗaki. Na farko shi ne ainihin asararka in ya kwashe kayansa yau. Na biyu shi ne abin da za ka tuna masa cikin lalama, ka ce malam, ga abin da ya rage a kan alkawarinmu. Ni da na farkon nake auna haɗari. Wanda bashin zamansa bai kai wata ɗaya ba, tuni kawai yake buƙata. Wanda ya kai wata uku, lokacin zama da shi ya yi, tare da wanda ya tsaya masa, a tsara yadda zai biya a rubuce.

Ƙarin kuɗin haya shi ne wurin da wannan lissafi yake karyewa in ba a kula ba. A ce daga 1 ga Maris 2025 ka mayar da hayar A3 72,000 a shekara, 6,000 a wata. Ba za ka raba 75,000 da 5,000 ba, ba kuma za ka raba da 6,000 ba, domin dukansu kuskure za su ba ka. Sai ka rufe tsohon lissafi a ƙarshen Fabrairu: shekarar farko ta cinye 60,000, saura 15,000. Ka buɗe sabon shafi, ka kira shi A3-2, ranar farawa 1 ga Maris 2025, ka shigo da 15,000 ɗin. A sabon farashi wata biyu da rabi suke kai shi, wato tsakiyar Mayu, ba ƙarshensa ba. Haka za ka yi in ɗan haya ya tashi wani ya shiga: sabon shafi, sabuwar lamba mai ƙari a baya. Bashin wanda ya tashi ya zauna a shafinsa, kada ya gangaro kan wanda bai ci ba.

Ba duk biya ke zuwa a tsabar kuɗi ba, kuma a gari mai noma wannan ba baƙon abu ba ne. Ɗan haya ya kawo buhun masara biyu a madadin haya: ku yanke farashin a ranar, gwargwadon yadda kasuwa ta ci, ka rubuta shi a naira, ka ba da rasit. In ka bar shi a buhu biyu, zuwa bazara farashi ya tashi, shi zai ƙirga da na bazara kai da na kaka. Haka gyara. Ruwan Agusta ya yi ɓarna, ɗan haya ya sayi kwano da ƙusa na 8,000 da izininka, a cire a haya. Ka rubuta 8,000 a kashin karɓa kamar kuɗi ya shigo, a gurbin hanya ka sa gyara, sannan ka sake rubuta su a shafin kashe kuɗi na bayan littafi. In ba ka yi haka ba littafi zai nuna ana bin sa abin da ba a bin sa. Kuɗin wuta da na ruwa da na kwashe shadda kuwa kada su taɓa shiga layin haya. Ba naka ba ne, amana ce ta wucewa, a ba su shafinsu daban. Haka kuɗin ajiya da wasu ke karɓa saboda ɓarna.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 biya ta waya ya zama ruwan dare, kuma ya zo da tasa matsalar. Ɗan haya zai je wurin mai POS ya tura, sai saƙo ya shigo maka da sunan mai POS ɗin, ba nasa ba. In mutum uku suka tura dubu goma-goma ta wuri ɗaya cikin mako guda, ba za ka san na wane ne ba. Ka gaya wa kowa ya sa lambar ɗakinsa a gurbin bayani, ya kuma kira ka a ranar. Kada ka rubuta rasit saboda hoton da aka turo maka ko saƙon tes, domin ana ƙirƙirar na bogi, kuma na gaskiyar ma wani lokaci kuɗin yakan koma. Ka buɗe asusun ka ga kuɗin sun zauna tukuna. In da hali ka ware asusu guda na haya kaɗai, wanda kuɗin cefane da na taki ba sa ratsawa. Ƙarshen wata sai ka ɗora bayanan asusun a kan littafi: duk layin da ka rubuta tiransifa dole ya sami ɗan'uwansa a can.

Maganar wa'adi kuwa, shafi ɗaya ya ishe ta. Ka raba shi gida goma sha biyu, Janairu zuwa Disamba, ka rubuta lambar kowane ɗaki da fensir a ƙarƙashin watan da kuɗinsa zai ƙare. Da mutum ya biya sai ka goge lambarsa ka matsar da ita gaba. Wannan shafin kaɗai aka yarda a yi gogewa a cikinsa. Ranar ɗaya ga kowane wata ka duba gidan watan gobe, ka sanar da masu shi tun da sauran kwana talatin. Duk lambar da ta rage a watan da ya wuce, mai ita yana cikin bashi. Shafin zai kuma nuna maka abin da ba ka lura da shi ba, wato watannin da kuɗi ke taruwa da waɗanda babu ko sisi, sai ka san lokacin da za ka sa aikin gyaran rufi kafin damina.

Wanda yake da babbar waya, ko yake da ɗa mai hannu a kwamfuta, zai iya ɗora wannan tsari a Excel ko Google Sheets ba tare da ya canja komai ba. Shafi ɗaya a sa masa suna `Karba`, da rana a A, lambar rasit a B, ɗaki a C, adadi a D. Ɗayan a kira shi `Dakuna`, da lambar ɗaki a A, suna a B, ranar farawa a C, kuɗin wata a D. Sai a rubuta waɗannan a E2 da F2 da G2, a ja su ƙasa:

```
=SUMIF(Karba!C:C,A2,Karba!D:D)
=EDATE(C2,INT(E2/D2))
=DATEDIF(C2,TODAY(),"m")*D2-E2
```

Na farko yana tara duk abin da ɗakin ya biya. Na biyu yana ba da ranar farko da kuɗin ba su kai ba, a misalinmu 1 ga Yuni 2025, sai dai cikakkun watanni kawai yake ƙirgawa, yana watsar da rabin wata. Na uku bashin zaman da aka ci ne, kuma in ya fito da alamar ragi a gabansa, ɗan haya ne yake da saura a wurinka. In ka ga 45809 a maimakon rana, lissafin daidai ne, gurbin ne kawai ba a mayar da shi na kwanan wata ba. Abu biyu ne suka fi ɓata aikin. Ɗaya, a rubuta `A3` a nan, a can a rubuta `A 3`, sai kuɗin ya ɓace daga jimlar ɗakin. Biyu, wasu wayoyin suna fara karanta wata kafin rana, sai 3/4/2025 da kake nufin 3 ga Afrilu ya zama 4 ga Maris. Gwada da 25/4/2025: in gurbin ya ƙi karɓarsa a matsayin rana, saitin ne a juye. Duk da haka kada ka yar da littafin kwali da rasit. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, kuma babu sa hannun ɗan haya a cikinta.

Saura lissafin ƙarshen shekara, inda na ga masu gida da yawa suna ruɗin kansu. Abin da ya shigo hannunka a shekara daban, abin da gidan ya samar a shekarar daban. A ce kana da ɗaki 12 a kan 60,000 da shago 3 a kan 120,000. In duk a cike suke, 1,080,000 ke nan. Ɗaki ɗaya ya zauna babu kowa wata huɗu, cire 20,000, abin da ya wajaba a biya ka na 2025 shi ne 1,060,000. Ka tara kashin karɓa daga Janairu zuwa Disamba, ka sami 1,150,000. A na'ura ga yadda ake tarawa:

```
=SUMIFS(Karba!D:D,Karba!A:A,">="&DATE(2025,1,1),Karba!A:A,"<="&DATE(2025,12,31))
```

Da ganin wannan sai ka ce an biya har da ƙari. To bi shafukan ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. A cikin kuɗin nan 110,000 bashin 2024 ne aka biya. Wasu 210,000 kuma na watannin 2026 ne, daga waɗanda suka biya shekara a Oktoba da Nuwamba bayan kaka. In ka cire su biyun, 830,000 ne na 2025. Ƙara 90,000 da aka biya tun 2024 saboda watannin 2025, ya zama 920,000. Ashe akwai 140,000 a waje. Kuma dubu ɗari biyu da goman nan da ke hannunka, ka sani masu su ba za su sake kawo komai ba sai ƙarshen shekara mai zuwa. Wanda ya cinye su a hidimar Disamba zai ji shiru daga Janairu har damina ta yi nisa.

Akwai hanyar gane ko taƙaitawar ta yi daidai. Tara bashin da ke shafin kowane ɗaki a ranar 31 ga Disamba. Dole jimlar ta zo daidai da 140,000, tare da duk wani tsohon bashi da ya rage daga baya. In ba ta zo ba, ko dai akwai rasit da ba a kwafe zuwa shafin ɗaki ba, ko an kwafe ɗaya sau biyu, ko an sa kuɗin wuta a layin haya. Bambancin da kansa yakan tona wurin: in 10,000 ne cif, nemi rasit na dubu goma.

Wannan takarda guda ta ƙarshen shekara, mai ɗauke da abin da ya wajaba, abin da ya shigo, abin da aka kashe da abin da ke waje, ita ce za ka miƙa wa 'yan'uwa in gidan na gado ne ba a raba ba. Musamman mata da marayu da ke cikin magada suna da haƙƙin su ga lissafi a rubuce, ba su ji shi a baki ba, kuma mai riƙon gida da ke da gaskiya shi ya fi kowa amfana da hakan. Da ita za ka je wurin malami a kan zakkar kuɗin da suka shekara a hannunka. In kuma abu ya kai ga tashin ɗan haya, kada bashi ya sa ka cire ƙofa ko kwano ko ka watsa kayansa waje, domin nan take mai gaskiya ke komawa mai laifi. A yawancin jihohin Najeriya, in babu wata yarjejeniya a rubuce da ta ce wani abu daban, mai hayar shekara wata shida ake ba shi na sanarwar tashi, mai hayar wata kuma wata ɗaya, sannan takardar kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Lauya ko magatakardan kotu zai fara tambayar ka irin hayar, ranar da ta fara, da ranar da kuɗin ƙarshe suka kai. Ka tafi da littafin da kwafin rasit ɗin, ka buɗe masa shafin ɗakin.